Garar da ta cika tsakar gida

Ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar muke zama, a rumfar da ke tsakar gidanmu a Garwa ta ƙasar Kamaru, ni da 'yan mata bakwai: biyu 'ya'yan yayata, ɗaya amaryar maƙwabcinmu, sauran 'yan unguwa. Ni malamar firamare ce, kuma da Faransanci nake koyarwa daga safe har azahar. Su kuwa bakinsu uku ne. Hausa a gida, Fillanci a kasuwa da bakin titi, Faransanci a lakwal. Hausar da suke ji ta ciniki ce da ta girki da ta faɗa da ƙanne, ba su taɓa zama an koya musu karanta ta ba. Da ƙanen maigidana, wanda ke fatauci zuwa Yola, ya zo mana da wani littafin labari bugun Kano, sai suka yi caa a kansa, kowa na so ta fara. Kwana biyu aka dawo mini da shi. Wai Hausar ta yi nauyi.

Na ce to mu karanta tare, babi babi, kowane babi mu fitar da kalmominsa. Babi uku na farko mun bi su da baki kawai. A na huɗu na ce bari in yi abin da tsari irin na malamai, kuma a nan na fara tuntuɓe.

Babin shafi tara ne. Labarin wata amarya ce da aka kai gidan miji, aka yi rigima da uwargida, ta koma gidansu. Da daddare na zauna na tsamo kalmomi talatin waɗanda ni a ganina su ne masu wuya, na jera su bisa abacada, na rubuta wa kowa a takarda na ce ta kawo ma'anarsu mako mai zuwa. Ban haɗa da jimlar da kalmar ta fito ba, ko lambar shafi ban sa ba. Da suka dawo, ƙaramar 'yar yayata ta rubuta a gaban gara: ƙwaro mai cin itace da katanga. Uku sun bi ta. Na ce ba haka ba ne, ku duba littafi. Ta buɗe, ta nemo wurin, ta ɗora yatsa ta karanta mini:

"Washegari da hantsi gara ta cika tsakar gida."

Ta ɗago ta dube ni. "Goggo, to ina laifina? Ai gara tana cika tsakar gida. Ko namu da damina."

Gaskiyarta. Jimlar nan ita kaɗai ba ta hana a ce ƙwaro ne ba. Sai ka karanta ta gaba za ka ga an ce buhun shinkafa biyu, jarkar man gyaɗa, ƙwaryar alkaki da nakiya, dangin ango sun fito suna ta guɗa. Ba a yi wa ƙwaro guɗa. Garar biki ce, kayan abincin da iyayen amarya ke kaiwa gidan miji. A baki kalmomin biyu ba su taɓa rikicewa, don ta biki ana jan wasalin farko, ta ƙwaro ba a ja. Amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, saboda haka a takarda tagwaye ne. Ga kuma ta uku, garar "gara ka tafi", ita ma da harufa huɗun nan. Hajja, surukata, tana gefe tana jan carbi, ta yi dariya har ta ajiye shi. Ta ce ita kayan da aka kai mata da jakuna aka ɗauko, kuma ba su ci katanga ba.

Na yage takardata ta kalmomi talatin, muka sake daga tushe.

Abu na farko da na canza shi ne wanda ke zaɓen kalma. Na sa aka yi hoton babin a shago, kowa da nata, na ba su fensir. Na ce kowa ta karanta daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa tambaya ba, duk inda ta yi tuntuɓe ta sa ɗigo a ƙarƙashin kalmar ta wuce. Na hana tsayawa ne don sau da yawa kalmar da ta gagare ka a shafi na biyu, shafi na biyar ne zai warware maka ita. A karatu na biyu, wadda ta warware da kanta a goge ɗigonta. Abin da ya rage ya ba ni mamaki. Cikin talatin ɗina kusan rabi sun san su sarai, ni ce na raina Hausarsu. Kalmomin da suka tsayar da su kuwa wasu ko a mafarki ban zata ba.

Na ƙirga shafi ɗaya na samu kalmomi kusan 300, wato babin ya kai 2,700. Amaryar maƙwabcinmu, wadda kakarta ta rene ta da Hausa zalla, ɗigonta 52 ne, kusan kalma ɗaya cikin hamsin. Wata kuwa, wadda mahaifiyarta Bafillatana ce, ɗigonta 138, ɗaya cikin ashirin. Ta farko ta iya ba ni labarin babin tsaf, kuma idan na tambaye ta kalma takan canka daidai. Ta biyu canke take yi cikin duhu, domin kalmomin da za su haska mata wadda ba ta sani ba, su ma ba ta san su ba. Wannan ya zo daidai da abin da masu binciken koyon harshe suka samu. A wani bincike na shekarar 2000 da Paul Nation ya yi tare da wata abokiyar aikinsa kan masu koyon Ingilishi, an ga mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin labari kafin ya fahimce shi ba mai taimako. Don haka na daina cewa ta biyun nan "ki gane daga jimla". Na haɗa ta da amarya su riƙa karatu tare, a rage mata duhun tukuna.

Da na tattara ɗigogin duka, na cire maimaici, kalmomi 96 suka rage. Ba wanda zai riƙe 96 a mako guda, sai na shiga tankaɗe.

Kashi mafi sauƙin fitarwa shi ne aron Ingilishi da marubutan Kano ke zubawa ba su ma san aro ba ne: sakandare, lakcara, fom, lauya, firij. Ga ɗan Kano wannan Hausa ce tsantsa, ga yarinyar da ta yi lakwal a Garwa kuwa baƙi ne. Amma ba su da zurfi. Kalma ɗaya a gefen shafi ta ishe su: sakandare a rubuta lise, biro a rubuta bik, shi ke nan. Ɗaya ce kawai ta ja mu hira, ita ma ba aron ba ce. A babin an ce ango ya ba yaron da ya aika jaka biyu. 'Yan matan suka ce lalle wannan ango mai kyauta ne, sefa dubu biyu don aike! Na ce a'a, a lissafin Najeriya jaka naira ɗari biyu ce, ya ba shi naira ɗari huɗu ke nan. Ma'anar kalma har da ƙasar da labarin ya faru take tafiya. Sai kashi na biyu, kalmomin da suka fito sau ɗaya kuma labarin bai dogara da su ba, kamar sunan wani irin ɗinki da na wata unguwa. Su ma gefen shafi. Na riƙe kalma ne kawai idan ta cika ɗaya cikin sharuɗɗa biyu: ko dai in ba ka gane ta ba labarin ya kuɓuce maka, ko kuwa na leƙa babi na gaba na ga tana dawowa. Goma sha huɗu suka tsira. Cikinsu akwai gara, yaji, biko, kara, turaka, kawaici, tsangwama, harara, jugum, da sha kunu.

Za a lura na ƙarshen nan ba kalma ɗaya ba ce. Ba wadda ta sa ɗigo a ƙarƙashin sha, ba wadda ta sa a ƙarƙashin kunu, kowa ta san su tun tana goye. Amma da na tambaya me ya sa uwargida ta sha kunu da ta ga amarya, sai ɗaya ta ce wataƙila ba ta karya ba. Irin wannan shi ne mafi haɗari, don mai karatu bai san bai sani ba, ɗigo ba ya kamo shi. Ni ce dole in bi babin in farauto su: sha kunu, ci fuska, yi yaji, kashe ido. Ka'idar da na bi ita ce, idan kalmomi biyu sun haɗu sun haifi ma'anar da ba ta ɗayansu ba, tare za a rubuta su, a layi ɗaya, kamar kalma guda.

Kowace kalma mun ba ta rabin shafi a littafin rubutu. A sama kalmar da lambar shafi. Ƙarƙashinta jimlar littafi yadda take, kuma darasin gara ya koya mana a kwafo har da jimlar da ke ɗauke da shaida, ko ta gaba ce ko ta baya. Sannan a ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka ba da shaidar. Sai ma'ana da bakin mai rubutu. Ƙamus a ƙarshe yake zuwa. Ina da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, amma na ɗora shi a kan akwati na ce ba mai taɓawa sai ta rubuta nata cankon. In an buɗe shi da wuri, ido kan ma'anar farko yake sauka ya tsaya, ita kuwa ma'anar farko ba lalle ita marubuci ke nufi ba.

Kalmar da ta fi cin mana lokaci ita ce kara, kusan rabin zama. Kawun amarya ne ke yi wa ango faɗa bayan ta koma gida:

"Ai ko don idon mahaifinta ka yi mata kara. Mutumin nan shi ya riƙe ka kana yaro, amma ka tsaya gaban jama'a kana ƙirga mata laifi."

Canko uku aka kawo. Ɗaya ta ce karan dawa ne, wato ya ɗauki kara ya zane ta. Ɗaya ta ce ƙara ce, a kai ta gaban alƙali, kuma ba ta yi wauta ba, don bugun littafin nan wani wuri yana sa lanƙwasar ƙ wani wuri yana mantawa, mu kuma a nan da yawa ba mu cika bambanta su a baki ba. Ta uku ta ce ita ba ta san kalmar ba, amma abu ne mai kyau. Na ce da ita za mu fara, ta nuna mana yadda ta san haka.

Ta ce, "Malama, an ce ko don idon mahaifinta. Ba a dukan 'yar mutum don idonsa."

Wannan ya kashe canko biyu lokaci ɗaya. "Ko don idon wane" alheri yake jawowa, ba duka ba, ba shari'a ba. Sai muka dubi ginin jimlar: yi wa mutum kara. Da shari'a ce da an ce kai ƙara, ko a ce ya yi ƙararta. Da duka ne da an ce da kara. Shaida ta uku tana cikin "amma". Abin da ya biyo bayan amma shi ne kishiyar abin da kawu ke so: ango ya tsaya gaban mutane yana ƙirga laifi. To kara ita ce akasin haka, ka ga laifi ka rufe baki saboda girman wani da ke tsakani. Ma'anar da suka rubuta a ƙarshe ita ce: ka danne haƙƙinka ko fushinka, ka ƙi tona mutum, don kunyar shi ko ta wani nasa. Na bar ta haka ko da ta yi tsawo. Da farko sun so su rubuta "kunya" kawai su huta, na hana, don in ka mayar da ita cikin jimlar, "ka yi mata kunya", maganar ta karkace. Wannan shi ne gwajin da muke yi wa kowace ma'ana: a cire kalmar, a sa ma'anar a gurbinta, a karanta da ƙarfi. In kunne ya ƙi, a sake.

Nan rigima ta tashi kan bambancin kara da kawaici, tun da duka biyun suna cikin jerinmu. Ni kaina na tsaya ina lalube. Hajja ce ta raba gardamar ba tare da ta ɗago ba. Ta ce kawaici kai kaɗai kake yin sa, ka gani ka yi kamar ba ka gani ba. Kara kuwa sai da wanda ake yi dominsa. Muka rubuta maganarta a ƙasan shafukan biyu, kowanne da kibiya mai nuna ɗan'uwansa.

Wasu ba su ba mu wahala ba. "Kwana uku ke nan da ta yi yaji, ko yaro bai aiko ba, balle ya zo biko" ta bayyana kanta: mace ta bar gidan miji cikin fushi, ana jiran ya zo ya lallashe ta ta koma. Kalma biyu a jifa ɗaya, minti biyar muka gama. Ga aikatau kuwa na ƙara layi guda. A littafi an rubuta "ta harare shi". In suka kwafe harare kaɗai, gobe za su ce "ta harare mijinta". Don haka muka jera siffofin uku a jimla: ta harare shi, ta harari mijinta, mijinta ta harara. Ga suna kuma mu sa jinsi da jam'i idan akwai, ta hanyar liƙa masa ɗafi, turakar maigida, garar amarya, domin wasunsu kan mayar da komai namiji in suna sauri.

Sai jimlolin gwaji, inda na yi tuntuɓe na biyu. Na ce kowa ta kawo jimla ɗaya da kowace kalma. Ga abin da aka kawo mini: Na ga gara. Kara tana da kyau. Ba na son tsangwama. Ba kuskuren nahawu ko ɗaya, kuma ba ɗaya da ta nuna mai ita ta gane kalmar. Na ɗauki ta farko na rubuta a allon yara, na rufe gara da tafin hannu, na ce a cike. Aka ce akuya, aka ce mota, aka ce Hajja. Duk sun shiga. Na ce jimlar da kowace kalma za ta iya zama a gurbinta ba ta gwada komai ba. Wadda muke nema ita ce in an rufe kalmar, ƙawarki ta iya dawo da ita ba tare da kin yi magana ba.

Sharaɗi na biyu, kada a ari mutanen littafin. In aka bar su, sai su juya jimlar marubuci su canza suna kawai. Na ce jimlar ta fito daga Garwa, daga abin da ido ya gani. Mako na gaba abin ya sake kama. Babbar 'yar yayata ta kawo: "Mai shagon ya san yaron ne ya ɗauki sabulun, amma da ya ga kakarsa tsaye sai ya yi mata kara, bai ce komai ba." Muka rufe kalmar, biyar cikin shida suka dawo da ita. Ta shidan ta ce kawaici, muka duba, muka ga "ya yi mata" da kakar da ke tsaye sun fi karkata ga kara, aka bar jimlar. Wata ta kawo: "Da aka ce kwale-kwalen ya kife a Binuwai, matan suka zauna jugum, ba mai ko ɗaga kai." Ita ma ta wuce. Wadda ta faɗi ita ce "Innata ta yi yaji ta tafi kasuwa". Ta riƙe fushin da fitar, ta bar gidan iyaye da jiran biko. Laifin ma'anar da muka rubuta ne, mun ce ta bar gida cikin fushi ba mu faɗi inda take zuwa ba. Muka koma shafin yaji muka gyara. Sau uku jimlar gwaji ta tona mana ramin da ke cikin ma'anarmu, ba cikin kan yarinyar ba.

Ga kalmomi masu tagwaye na ƙara wani wasa: jimla biyu, ɗaya da kowace ma'ana, a karanta da ƙarfi don kunne ya ji bambancin. A littafin rubutu na yarda su ninka wasalin, su rubuta gaara a gefe don tuni, da sharaɗin ba za su kai shi cikin wasiƙa ba.

Jimlolin da suka tsallake nakan kwafe su a 'yan takardu, gurbin kalmar a buɗe, in zuba a gwangwanin madara. Kowane zama, kafin mu buɗe sabon babi, kowa ta zari uku. Wadda aka cike ba gardama sau uku a zama daban-daban takan fita daga gwangwani, wadda ta gagara ta koma. Na babi na huɗu sun ɗauki wata guda kafin su ƙare. Tsangwama ce ta fi daɗewa, ana ta rikita ta da tsegumi.

Yanzu muna babi na tara. Yarinyar nan mai ɗigo 138 ta kawo 61 a makon jiya, a babin da ya fi na huɗu tsawo da shafi ɗaya, ko da yake wani ɓangare na sauƙin sabo ne da bakin marubucin, tun da kowane marubuci yana da kalmomin da yake juyawa. Ranar Lahadi ƙaramar 'yar yayata ta makara, ta shigo muna tsaka da karatu, hannunta duk lalle. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ta nuna Hajja da haɓa.

"Goggo, ko don idon Hajja."

Hajja ta ce ita ba ruwanta, a yi mata faɗan.